Idan kaya sun makara, a rubuce ake tambaya

Na gaji da ganin yaranmu sababbin zuwa Sabha suna zazzaga wa dillali masifa ta saƙon murya, da Larabcin da bai nuna ba. Ɗan'uwa, baƙo ne kai, kuma duk ranar da rigima ta tashi takarda za a tambaye ka.

Ni ma sai da na sha. Shekarata ta biyu ina tsaron shagon tayu a unguwar Abdulkafi, na yi odar taya 120 daga wani dillali a Misrata, na ba da kafin alƙalami, abin da suke kira arbun. Aka ce mako guda. Mako uku suka shuɗe, kullum sai "bukra, in Allah ya so". Da na rubuta masa, sai ya ce bai san ni ba. Kuma yana da hujja, domin fatura, wato takardar ciniki, sunan maigidana Balarabe ke kanta, tunda rajistar shagon tasa ce. Ranar isowar kaya kuwa ba a rubuta ta ko'ina ba, da baki muka yi. Na fi awa ina jujjuya takardar nan a kan tulin tayu.

Saboda haka idan kaya sun makara ka rubuta imel, ya fita da sunan wanda ke kan fatura, ko a sa adireshinsa a kwafi. A kan saƙon ka sa lambar fatura. Ga abin da muka aika, wani ɗan Agadas da ya daɗe nan ya mayar mana Larabci:

"Bayan gaisuwa. Mun biya arbun na taya 120, kuka ce za su iso Sabha cikin mako guda. Yau kwana 21. Ku sanar da mu inda kayan suke, da ranar da za su iso. Idan ba su cika ba, ku turo abin da ke hannu, ku faɗi ranar cikon da wanda zai biya motar ta biyu. Muna son lambar mota da ta direba. Muna jiran amsa kafin Laraba."

Tambayar inda kayan suke ita ce ke tona gaskiya. Hanyar kudu doguwa ce, ana rashin mai, ga shingaye, don haka jinkiri ba lallai ƙarya ba ne. Amma wanda ya ɗora kaya zai ba ka lambar direba nan take. In ya hau kame-kame, kayan ba su bar sito ba. Namu dillalin taya 70 kawai gare shi, su ya fara turowa.

Kada ka aika ranar Alhamis da yamma, sai Lahadi za a duba. Kuma don Allah ban da zagi, ban da "ka taimaka mini" kamar mai bara. Kuɗi ka biya.