Yadda Babur Na Zamani Yake Tsare Tayarsa Daga Santsi

Jama'a, abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne na'urori uku da ake sa wa manyan babura na zamani. Kafin a gane su, sai a san cewa wurin da taya take taɓa kwalta bai kai tafin hannu ba, kuma kamun ƙasar da take yi yana da iyaka. Birki da totur da kwana duk a wannan kamun suke ci.

Bari in ba da misali. A ce taya mai kyau a busasshiyar kwalta kamunta kashi ɗari ne. In babur ya kwanta digiri 30 a kwana, kwanar ta ɗauki wajen kashi 58, kuma bisa lissafin Fitagoras birki zai iya samun kashi 82. Amma in ya kwanta digiri 45, kusan babu saura. Wanda ya danne birki a nan, sai faɗuwa.

Birkin ABS yana auna gudun kowace taya. Da ta yi shirin tsayawa cik, sai ya sassauta ya sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Amma na farkon, irin wanda BMW ya fito da shi a 1988, bai san babur ya kwanta ba. A 2013 Bosch da KTM suka kawo birkin kwana, mai na'urar auna kwanciyar babur. Shi kam a hankali yake ƙara matsi gwargwadon kwanciyar, don kada taya ta zame ko babur ya miƙe ya bar hannunsa.

Ta biyu, wadda ake rubuta TC, totur take lura da shi. In tayar gaba tana gudun kilomita 50, ta baya kuwa 60, wato ta bayan tana juyawa a banza. Nan take sai ta rage ƙarfin inji, fitilarta ta riƙa ƙiftawa.

Ta uku ita ce zaɓen yanayin tuƙi. In ka zaɓi Rain, totur yakan yi laushi, TC ta riƙa shiga da wuri. Sport kuwa akasin haka ne. Shawarata ga sabon mahayi ya fara da Rain ko Road.

A ƙarshe, ɗan'uwa, ka duba fitilar ABS. Takan kama in an kunna babur, ta mutu da an fara tafiya. In ta ƙi mutuwa, na'urar ba ta aiki. Kuma na'urorin nan rabon kamu suke yi, ba sa ƙara shi. Inda yashi ko baƙin mai ko suɗaɗɗiyar taya suka cinye shi, rage gudu tun kafin kwana shi ne magani. Allah ya kiyaye hanya, amin.