Kafin ku rubuta wa Alhaji sanarwa

'Ya'yana na Magariya da Dungas, yau ɗan kasuwa kan danna waya ya yi magana ta minti biyar, ya ce wa yaron gidansa mai boko: "Mayar mini da ita sanarwa." Amana ce aka ɗora muku, ku riƙe ta da kyau.

Ku fara da rubuta maganar duka yadda ta fito, kada ku gyara komai tukuna. Sannan ku bi rubutun da alƙalami kuna neman abu biyar: wa ke sanarwa, me ya faru, ina, yaushe, nawa. Gaisuwa da labarin wahalar hanya ku bar su. Sallama guda ta wadatar.

A ce mai sayar da wake ne a Magariya. Bayan doguwar gaisuwa ya ce ya tashi daga bakin tasha ya koma cikin kasuwa, zai buɗe jibi. Can tsakiya ya ce: "A'a, bari sai Litinin." Ya ƙare da cewa tiya dala metan da hamsin ce.

Tarko biyu ke nan. Na farko rana. Mai magana kan gyara kansa a tafe, saboda haka ta ƙarshe ake ɗauka. Kuma "jibi" ba ta zama a takarda, domin saƙo na iya kwana uku yana yawo kafin ya kai Waca ko Dogo-Dogo. Ku sa sunan rana da kwanan wata.

Na biyu kuɗi, kuma nan ne aka fi yin ɓarna. Mu da baki dala muke ƙirgawa, dala guda kuwa sefa 5 ce. Dala 250 ita ce sefa 1,250. Wanda ya rubuta "250 F" ya karya farashin Alhaji gida biyar, masu saye za su zo da rigima. Ga mu kuma a bakin iyaka, mutanen Ɓaɓura da Maigatari na ciniki da mu da naira. Duk adadin da kuka rubuta, ku faɗi kuɗin da ake nufi.

Ga yadda za ta fito: "Assalamu alaikum. Alhaji Wane, mai wake, na sanar da abokan cinikinsa cewa ya tashi daga bakin tasha ya koma cikin kasuwar Magariya. Zai buɗe ranar Litinin, 6 ga wata. Tiyar wake sefa 1,250."

Inda iska ko kukan babur ya cinye kalma, kada ku cike da zato. Matambayi ba ya ɓata. Kada kuma ku ƙara alkawarin da bai yi ba, kamar rangwame ko bashi, don sanarwa ta yi daɗi. Da yawa cikin iyayenmu ajami suka iya, ba boko ba, don haka kafin ku tura, ku karanta masa da baki, kuɗin kuma ku faɗa da dala. Sai ya ce "haka ne" sannan ku saki. Allah Ya yi muku albarka.