Yadda Ake Zana Alamomin Manhaja Su Fito Kamar Daga Hannu Ɗaya

Alamomin manhaja su ne ƙananan zane-zanen nan da ake taɓawa a fuskar waya ko kwamfuta: ambulan na nufin saƙo, agogo na nufin lokaci, kwando na nufin shara. Ba safai ake ganin alama ɗaya ita kaɗai ba. A jere suke zama, huɗu ko biyar a ƙasan fuskar waya, kuma a nan matsalar take fitowa fili. Sai a ga kowace alama tana da kyau in an dube ta ita kaɗai, amma da an jera su, wannan ta yi kauri, waccan ta yi siriri, ɗaya kusurwarta a murɗe, ta kusa da ita kuma mai tsini. Yawanci hakan na faruwa ne don an tsinto alamomin daga wurare daban-daban, ko kuma mai zane ya fara aiki bai tsayar da ma'auni ba. Abubuwa uku ake tsayarwa kafin a zana alama ta farko: ragar awo, kaurin layi, da salon kusurwa.

Ragar awo fili ne murabba'i da aka raba zuwa ƙananan gidaje, kowane gida fiksel ɗaya. Alamomin da Susan Kare ta zana wa kwamfutar Macintosh ta 1984 a kan raga mai gida 32 a tsaye da 32 a kwance aka yi su. A yau wadda ta fi yaɗuwa ita ce mai 24 da 24, wadda tsarin Material Design na kamfanin Google yake amfani da ita, haka ma tarin alamomin Feather da Lucide. A tsarin na Google ba a cika filin duka. Ana barin fiksel 2 a kowane gefe, zane ya zauna a cikin 20 da 20 na tsakiya, don kada gefen alama ya yanke ko ta manne da rubutun da ke kusa da ita.

Kuskuren da sabon mai zane ya fi yi shi ne ya ba kowace siffa faɗi ɗaya, yana ganin hakan ne daidaito. Ido ba da faɗi yake auna girma ba, da yawan filin da siffa ta mamaye yake aunawa. Murabba'i mai 20 da 20 yana cin gida 400, alhali da'ira mai faɗin 20 gida 314 kawai take ci, saboda ba ta da kusurwoyi. In aka jera su haka, murabba'in zai danne da'irar. Shi ya sa tsarin Google ya tanadi siffofin tushe guda huɗu: da'ira mai faɗin 20, murabba'i mai 18 da 18, da masu tsawo guda biyu, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, kowanne 20 da 16. Lissafi ya nuna hikimar abin: 314, da 324, da 320. Faɗinsu ya bambanta, amma nauyinsu a ido kusan ɗaya ne. Saboda haka kafin a zana alama, sai a fara tambayar wace siffa daga cikin huɗun ta fi dacewa da ita. Agogo na da'ira ne, kalanda ta murabba'i, takarda ta mai tsawo a tsaye, ambulan ta mai tsawo a kwance.

Kaurin layi shi ne abin da ido ya fi saurin kamawa in ya saɓa. A ragar 24, fiksel 2 ne aka fi zaɓa, ko da yake wasu, kamar tarin Heroicons, suna amfani da 1.5 don alamomin su yi sauƙin gani kusa da siririn rubutu. Zaɓin 2 yana da wata fa'ida da ba a lura da ita sai an faɗaɗa zane. Manhajojin zane suna shimfiɗa kaurin layi ne rabi a wannan gefe na hanyar da aka ja, rabi a wancan. Layi mai kaurin 2 da aka ja a kan lamba 4 yana rufe daga 3 zuwa 5, wato gida biyu cif. Mai kaurin 1 da aka ja a wuri guda yana rufe daga 3.5 zuwa 4.5, rabin gida nan rabin gida can. Tun da fiksel ba ya kunnuwa rabi, sai na'ura ta shafa wa gidajen biyu launi mai dushi-dushi, layin ya fito kamar an zuba masa ruwa. Maganin shi ne a ja layi mai kaurin 1 a kan lamba mai rabi, kamar 4.5. A waya mai yawan fiksel ba a cika ganin wannan aibi ba, amma a tsohuwar kwamfuta ko waya mai araha yana fitowa ƙarara.

Wannan rabon kauri yana shafar awon siffofin tushe ma, kuma a nan mutane da yawa suke tuntuɓe. Awon 20 da 16 na bakin waje ne. In za a zana ambulan da layi mai kaurin 2, hanyar layin dole ta zama 18 da 14, ta fara daga 3 a kwance da 5 a tsaye, don bakin wajenta ya tsaya daga 2 zuwa 22, da kuma daga 4 zuwa 20. Ga yadda take a fayil ɗin SVG:

```
<svg xmlns="http://www.w3.org/2000/svg" viewBox="0 0 24 24" fill="none" stroke="currentColor"
     stroke-width="2" stroke-linecap="round" stroke-linejoin="round">
  <rect x="3" y="5" width="18" height="14" rx="2"/>
  <path d="M3 7l9 6 9-6"/>
</svg>
```

Layuka biyun farko su ne dokar gida, kuma ya kamata su zama iri ɗaya harafi da harafi a kowane fayil na tarin. Abin da ke ƙasa da su ne kawai yake sauyawa. A agogo, alal misali, ana sa da'ira mai `r="9"`, wadda da kaurin layinta take kaiwa faɗin 20. Wanda ya sa 10 ya sami 22, agogonsa ya shiga filin da aka ce a bari.

Salon kusurwa ya ƙunshi abubuwa uku da dole su tafi tare: yadda layi yake ƙarewa, yadda layi biyu suke haɗuwa, da yawan lanƙwasar kusurwar akwati. Tarin Feather ya zaɓi murɗaɗɗen baki da murɗaɗɗiyar mahaɗa, shi ya sa alamominsa suke da taushi a ido. Alamomin Google na asali kuwa bakin layinsu a yanke yake. Babu wanda ya fi wani, sai dai haɗa su a jeri ɗaya ne laifi. Murɗaɗɗen baki yana ƙara wa layi rabin kaurinsa a kowane ƙarshe, don haka layin da aka ja daga 5 zuwa 19 a zahiri yana kaiwa daga 4 zuwa 20. Mahaɗa mai tsini kuma tana fitar da ƙaho mai tsawo in kusurwar ta matse, kamar a kan kibiya ko tauraro, har ya ƙetare iyakar fili.

Lanƙwasar kusurwa ita ma tana da waje da ciki. A ambulan ɗin da ke sama an sa `rx="2"`, wanda yake ba da lanƙwasa 3 a bakin waje, 1 a bakin ciki. Mai son 2 a waje sai ya sa 1, cikin kuma ya zama kusurwa tsayayya. Idan mutum biyu suna aiki tare, ɗaya yana auna lanƙwasa daga hanyar layi, ɗayan daga bakin waje, kowannensu zai rantse ya bi "2", amma alamominsu ba za su yi kama ba. Dole a rubuta a takardar ƙa'ida daga ina ake aunawa.

Akwai doka ta huɗu da take fitowa daga kaurin layi: kada tazarar da ke tsakanin layi biyu ta gaza kaurin layin kansa. Kalanda ce ta fi nuna amfaninta. Murabba'i mai 18 a waje yana barin gida 14 a ciki, daga 5 zuwa 19. In aka ja layin kan kalanda a lamba 8, ya rufe 7 zuwa 9, saura gida 10 a ƙasa. Ɗigon kwana mai faɗin 2, da tazarar 2 a kowane gefensa, uku kawai yake shiga a gida 14, jeri biyu kuma a gida 10. Mai zanen da ya nace sai ya sa ɗigo bakwai na kwanakin mako yana da hanya biyu, duka marasa kyau: ya sirantar da layi ya karya ƙa'idar kauri, ko ya matse ɗigon su haɗe su zama baƙin tabo. Ɗigo shida sun isa kowa ya gane kalanda ce. Duk lokacin da alama ta ƙi shiga raga, bayaninta ake ragewa, kaurin layi yana nan yadda yake.

Sauya girma yana rusa duk wannan aiki in ba a yi hattara ba. Alamar 24 da aka matse zuwa 16 layinta yana komawa 1.33, wanda ba ya zama a kan kowane gida. Wadda aka buɗe zuwa 48 layinta ya zama 4, ta yi kauri kusa da 'yan'uwanta. Ninkin raga, wato 48 ko 72, aƙalla yana fita da tsabta. Ƙaramin girma kuwa gara a sake zana shi a kan tasa ragar, da bayani kaɗan, kamar yadda Heroicons ya ware zane daban na 24 da 20 da 16. A cikin manhajar zane ma akwai tarko: a Illustrator zaɓin `Scale Strokes & Effects` ne yake yanke hukuncin ko kaurin layi zai bi girman siffa, a Figma kuma kayan aikin `Scale` yana sauya kaurin, jan kusurwar siffa da hannu ba ya sauya shi. Alama ɗaya da aka ja ta hanyar da ba daidai ba takan shigo tari da kaurin 1.8 ko 2.3 ba wanda ya sani.

Tsarin aiki mafi aminci shi ne a fara da alamomi biyar ko shida da suka fi bambanta da juna, mai da'ira, mai murabba'i, mai layin karkace kamar kibiya, da mafi yawan bayani a cikin jerin, domin ita ce za ta nuna ko ƙa'idar za ta ɗore. Sassan da suke maimaituwa, kamar kan kibiya, alamar ƙari, da layin da ake ja a soke alama, sau ɗaya ake zana su, a riƙa kwafowa. Layukan karkace kuma a tsayar musu da digiri 45 duk inda siffa ta yarda.

Gwaji ana yin sa ne a ainihin girman alama, a kan waya, ba a faɗaɗe a fuskar kwamfuta ba. A jera su duka a layi ɗaya, a runtse ido kaɗan har siffofi su dushe. Wadda ta fi sauran duhu bayaninta ya yi yawa, wadda ta ɓace kuma ba ta cika siffar tushenta ba. Sai a sake dubawa da farin zane a kan baƙin fili, domin farin layi yakan yi kamar ya fi kauri a kan duhu, kuma tazarar da ta matse a nan take fara toshewa. Daga ƙarshe a buɗe fayilolin a duba lambobi: inda aka ga irin 3.97 ko 12.04 a madadin 4 da 12, wata kusurwa ta zame daga raga, sai a mayar da ita kan gidanta kafin a miƙa tarin ga masu haɗa manhaja.