Yadda Ake Karanta Takardar Kayan Wuta Kafin a Jona

Ɗan koyon aikin wuta a Kakuri ko Barnawa ba sai ya ƙware a Turanci zai amfana da takardar da ke cikin kwali ba. Lamba da harafin da ke bayanta zai fara bi. A ce an kawo maka butar dafa ruwa ta daina aiki, takardarta na ɗauke da wannan:

```
Voltage: 220-240V ~ 50Hz
Power: 2000W
Fuse: 13A
```

Fara da boltej, mai harafin V. Shi ne ƙarfin da ke tura wuta cikin waya, kamar yadda tankin da ke sama ke turo ruwa famfo. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, don haka butar ta dace. Da 120V ka gani, irin kayan Amurka, jona ta kai tsaye ƙona ta ne. Kuma in an ce "karan ya yi ƙasa" don ƙwan fitila ya dushe, sa mita a soket, za ka tarar boltej ne ya sauka.

Karan kuwa yawan wutar da kayan ke ja ne, ana auna shi da amfiya, harafin A. Sau da yawa ba a rubuta shi, kai za ka fitar daga wat, harafin W da ke layi na biyu:

```
A = W ÷ V
2000 ÷ 230 = 8.7
```

Yanzu layi na uku ya fito fili. Fis na amfiya 13 ya ɗara 8.7, zai ɗauki butar. In ka buɗe fulogin ka tarar da na amfiya 3, wanda ake sa wa ƙananan kaya da ba su wuce wat 700 ba, ka gano abin da ya tsinke shi. Don Allah kada ka naɗa silin waya a madadinsa. An yi fis ne ya ƙone kafin wayar ta yi zafi ta kama da wuta.

Saura sakit, wato hanyar da wuta ke bi ta shiga kayan ta komo. A shafin matsaloli za ka ci karo da `short circuit` da `open circuit`. Na farko wayoyi biyu ne suka haɗu tun kafin wutar ta kai inda za ta yi aiki, na biyu hanyar ce ta yanke.

Mita ce ke raba gardama. Zare fulogin daga bango, sa fis mai kyau, ɗora butar kan mazauninta ka danna makunninta. Juya mita zuwa Ω, ka taɓa ƙafafun fulogin biyu na ƙasa. Lafiyayyar buta mai wat 2000 za ta nuna wajen om 26. Kusa da sifili na nufin wayoyi sun haɗu, sabon fis ma zai tsinke. In `OL` ya fito, hanya ta yanke, sai ka bi igiyar, makunni, sannan ƙarfen da ke ɗumama ruwan.