Takardar Lissafi Ɗaya, Alƙaluma Dabam-Dabam

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji mai yara sittin, uku-uku bisa benci, kafaɗa na gogar kafaɗa, ya san cewa idan aka rubuta tambayoyin lissafi iri ɗaya a kan allo, to, abin da za a tattara a ƙarshen darasi aikin yara kaɗan ne wanda saura suka kwafe, har malam ya ɗauka kowa ya gane, alhali kuwa akwai wanda bai san inda aka dosa ba. Tsawa da bulala ba su cika hana ido leƙe ba. Abin da ya fi su amfani shi ne a ba kowane yaro takarda wadda tambayoyinta suke daidai da na maƙwabcinsa wajen nauyi, amma alƙalumansu sun sha bamban, ta yadda wanda ya leƙa ba zai tsinci komai ba sai hanyar da ake bi, ita kuwa hanyar da ma ita ake son ya koya.

Rubuta irin waɗannan takardu da hannu aiki ne mai cin dare, amma jadawalin kwamfuta, wato Excel ko Google Sheets, yana gama shi cikin ɗan lokaci. Shafin jadawalin a rarrabe yake gida-gida kamar filin dara. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, na kwance kuwa suna da lambobi, saboda haka gidan da layin B ya gamu da layi na 4 sunansa B4. A kowane gida ana iya rubuta lamba, ana kuma iya rubuta umarni, wanda kullum yake farawa da alamar `=`. Umarnin da muke bukata a nan shi ne `RANDBETWEEN`, aikinsa kuwa jefa ƙuri'a: idan aka rubuta `=RANDBETWEEN(10,99)` sai ya zaɓo wata cikakkiyar lamba daga 10 zuwa 99, har da su biyun. Malaman Nijar waɗanda Excel ɗinsu yake da Faransanci za su same shi da sunan `ALEA.ENTRE.BORNES`, su kuma raba lambobin da alamar `;` a madadin waƙafi.

Bari mu ɗauki darasin debewa mai aro, na lambobi masu alƙalami biyu, domin a nan ne ake gane cewa ƙuri'a ba ta san adalci ba sai an gindaya mata sharaɗi. Idan malam ya saki umarnin nan hakanan ga lambar sama da ta ƙasa, wani yaro zai sami 78 a debe 21, wanda babu aro a cikinsa ko kaɗan, na kusa da shi ya sami 71 a debe 28, wanda sai an yi aro, na uku kuwa ya sami 23 a debe 81, abin da ba a koya masa ba tukuna. In aka auna su da maki ɗaya a kan haka an zalunci biyu daga cikinsu, laifin kuma yana wuyan malam, domin kwamfuta abin da aka umarce ta ta aikata.

Maganin wannan shi ne a gina kowace lamba daga sassanta biyu, gidan gomomi da gidan ɗai-ɗai, kowanne da iyakarsa. Buɗe shafi, ka sa masa suna Lambobi, ka rubuta waɗannan umarni huɗu a gidajen A1, B1, C1 da D1 bi da bi:

```
=10*RANDBETWEEN(5,9)+RANDBETWEEN(0,4)
=10*RANDBETWEEN(1,4)+RANDBETWEEN(5,9)
=A1-B1
=A1&" - "&B1&" = ______"
```

Ka dubi hikimar da ke cikin na farko da na biyu. Lambar sama gomominta daga 5 zuwa 9 suke, saboda haka ba ta taɓa kasa 50; lambar ƙasa gomominta ba su wuce 4 ba, saboda haka ba ta taɓa zarce 49; ke nan har abada ta sama ta fi girma. Sannan alƙalamin ƙarshe na ta sama daga 0 zuwa 4 yake, na ta ƙasa kuwa daga 5 zuwa 9, wato kullum na ƙasa ya fi, aro ya zama wajibi a kowace tambaya. Idan ƙuri'a ta ba da 7 da 2 a sama, 3 da 8 a ƙasa, A1 zai nuna 72, B1 ya nuna 38, C1 ya fitar da amsa 34, D1 kuma ya jera tambayar yadda yaro zai gan ta. Haka ake yi wa rabawa ma: a jefa ƙuri'ar amsa da ta lambar da za a raba da ita, a ninka su, abin da ya fito shi ne lambar da za a ba yaro ya raba, sai a tabbata babu saura.

Yanzu nau'i nawa ake bukata? Mutane da yawa suna zaton sai kowane yaro ya sami tasa takardar dabam, amma wannan wahala ce ga mai maki, kuma ba a kusa da bukata take ba. Abin lura shi ne yadda aka zauna. In benci yana ɗaukar yara uku aka kuma yi nau'i uku, na gefe sun bambanta, amma kowa takardarsa ɗaya da ta wanda ke zaune gabansa, leƙe ta bisa kafaɗa kuwa ya fi kowane leƙe sauƙi. In aka yi biyar, aka raba su a jere daga benci zuwa na bayansa, na farko zai sami 1, 2, 3, na biyu 4, 5, 1, na uku 2, 3, 4, sai ka tarar babu yaron da ya yi tarayya da na gefensa, ko na gabansa, ko na gaba ta kusurwa. Biyar sun wadatar, a ganina. A aji mai yara 60, kofi 12 ke nan na kowane nau'i.

Nau'i biyar masu tambaya goma-goma layi 50 ne. Sai ka zaɓi gidajen nan huɗu, ka kama ɗan ɗigon da ke kusurwarsu ta ƙasa ta hannun dama, ka ja shi har layi na 50. Layi na 1 zuwa na 10 nau'i na ɗaya ne, na 11 zuwa na 20 na biyu, haka har ƙarshe. Kafin ka ci gaba ka bi kowane goma da ido, domin ƙuri'a tana iya maimaita kanta. Lambar sama iri 25 take iya zama, ta ƙasa iri 20, tambayoyin da za su iya fitowa 500 ne duka-duka, don haka kusan takarda ɗaya cikin goma takan zo da tambaya ɗaya sau biyu. In ka ga haka, ko ka ga alƙaluman ba su yi maka ba, danna F9 a Excel, ya sake jefa ƙuri'ar baki ɗaya.

A nan ne fa ake yin kuskuren da ya fi kowanne ɓata aiki, don haka ina roƙon mai karatu ya natsu. Umarnin `RANDBETWEEN` ba ya zama wuri ɗaya. Duk lokacin da aka rubuta wani abu a wani gida, ko aka rufe fayil aka sake buɗewa, sai ya sauya lambobinsa gaba ɗaya ba tare da ya yi sallama ba. Malamin da bai san da wannan ba zai buga takardun yara yau, gobe ya buɗe ya buga amsoshi, ya zauna yin maki ya tarar aji duka sun faɗi, har da yaran da ya san ƙwazonsu. Dalili kuwa amsoshin da ke hannunsa na wasu tambayoyi ne waɗanda babu yaron da ya taɓa ganinsu, na ainihin kuma sun tafi, babu hanyar dawo da su sai ya zauna ya lissafa hamsin ɗin da kansa. Saboda haka da zarar lambobin sun gamsar da kai, sai ka daskarar da su. Ka zaɓi A1 zuwa B50, ka danna Ctrl+C, sannan a nan inda suke ka zaɓi Paste Special, ka zaɓi Values. Wannan yana share umarnin ya bar lambar da ya haifar. Shaidar cewa ya yi ita ce ka taɓa A1 ka dubi dogon layin rubutu da ke saman shafi: in ka ga lamba tsurarta, kamar 72, ya daskare, in har yanzu kana ganin `RANDBETWEEN`, bai yi ba. Ka ƙara danna F9 don tabbatarwa, kada komai ya motsa. Yana da kyau tun kafin daskarewar ka ajiye kofin fayil ɗin da wani suna, domin umarnin ya yi maka amfani a mako mai zuwa.

Abin da ya rage shi ne takardar da za a buga. Buɗe shafi na biyu, ka rubuta kalmar Nau'i a A1, lamba 1 a B1, ka bar layi na 2 don sunan yaro, ka jera 1 zuwa 10 daga A4 zuwa A13. A B4 ka rubuta wannan, ka ja shi har B13:

```
=INDEX(Lambobi!$D$1:$D$50,($B$1-1)*10+A4)
```

Ma'anarsa ita ce: tafi shafin Lambobi, layin D, ka ɗauko mini tambayar da ke layi kaza. Lissafin da ke ƙarshensa shi ne mai faɗin layin. In B1 yana nuna 3, ana kuma neman tambaya ta 4, sai a cire 1 daga 3, saura 2, a ninka da 10, a ƙara 4, ya zama 24, wanda shi ne tambaya ta huɗu a cikin goma ta uku. Alamar `$` ƙusa ce da take hana sunan gida zamewa sa'ad da ake jan umarni ƙasa. Wanda ya manta da ita a `$B$1` zai ga layin farko ya fito lafiya, na biyu kuwa ya nuna `#VALUE!` a Excel, saboda umarnin ya sauka yana neman lambar nau'i a gidan da babu ita.

Daga nan sai bugawa: ka buga nau'i na 1, ka mai da B1 ya zama 2 ka buga, har zuwa 5, sannan ka kai wa mai hoton takarda ya yi maka sha biyu-sha biyu. Shafin Lambobi kuwa ka buga kofi ɗaya tak ka riƙe a wurinka, domin layin C shi ne amsoshin, amana ce da ba ta kamata ta kwana a shagon mai bugawa ba. Ka harhaɗa takardun 1, 2, 3, 4, 5 tun a gida, ka raba su da hannunka bayan kowa ya zauna, in kuma an tattara ka ware su tuli biyar kafin ka fara maki. Lambar nau'in nan da ke saman takarda kada ka yarda a yanke ta wajen yin kofi, kuma in yara za su yi aikin a littattafansu ne, ka umarce su su fara rubuta ta a kan shafi kafin su taɓa tambaya ta farko.