Ribas, Rifon da Cajibak: Abin Da Za Ka Yi Da Wanda Ba Za Ka Yi Ba Idan Kuɗinka Sun Maƙale

Kada ka ɗaga murya a gaban mai POS kafin ka san inda kuɗinka suke. Hanyoyi uku kuɗi ke bi su dawo asusu, kowace da mai alhakinta da wa'adinta, kuma wanda ya cakuɗa su zai ɓata mako yana neman haƙƙinsa a hannun wanda bai riƙe shi ba.

Ka san ukun. Ribas, wanda za ka gani a alat da sunan `Reversal`, na cinikin da bai kammalu ba ne: bankinka ya cire, kuɗin ba su isa ga kowa ba, na'ura ce ke mayar da su. Rifon, `Refund` a allon waya, na cinikin da ya kammalu ne: kuɗi sun shiga hannun mai kaya, shi kuma ya yarda ya mayar. Cajibak, `Chargeback` a fom ɗin banki, ƙara ce: kuɗin sun isa can, ba ka sami abin da ka biya ba, sai bankinka ya ƙwato maka su daga bankin ɗaya ɓangaren. Wannan na ukun da kati ake yin sa, ba da tiransifa ba.

Ka haddace wa'adin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya kafa tun daga 8 ga Yuni, 2020. Idan ATM ɗin bankinka ne ya cire bai ba ka ba, kuɗin su dawo nan take, in na'ura ta kasa, ma'aikata su mayar cikin awa 24. Idan ATM ɗin wani banki ne, awa 48. Idan POS ne ko biya ta intanet, awa 72. Wannan na ƙarshe shi ya fi shafar mutumin Kiru ko Doguwa, wanda yawancin hulɗarsa da banki a rumfar mai POS take ƙarewa.

A ce ranar Alhamis da la'asar kana Tudun Wada za ka biya kuɗin shinkafa. Ka sa kati a wurin mai POS a cire maka naira 150,000. Injin ya daɗe yana juyi, ya fitar da takarda mai `DECLINED`, wayarka kuma ta kawo alat an cire kuɗin.

Kada ka sake sa katin. Wannan ne kuskuren da ya fi cin mutane, domin layin da ya yanke sau ɗaya zai iya sake yankewa, 150,000 ta koma 300,000 a maƙale.

Ka karɓi takardar, ka ɗauke ta hoto a wurin, domin rubutunta yana gogewa idan ta sha zafi a aljihu. Ka duba lambar amsa. `00` na nufin ciniki ya yi. `51` kuɗinka ne ba su kai ba, `55` lambar sirri ka kuskure, kuma a waɗannan biyun ba a cire komai. `91` kuwa na nufin bankinka ko kamfanin da ke haɗa bankunan bai amsa a kan lokaci ba, kuma a nan ne aka fi samun cirewa ba tare da biya ba. Ka rubuta `RRN`, mai lamba 12, da `STAN`, mai lamba 6, da `Terminal ID` na injin, da rana da lokaci. Da waɗannan ne ake gano cinikinka cikin dubbai.

Ka ce wa mai injin, “Malam, don Allah buɗe tarihin cinikinka mu duba tare.” Idan 150,000 ɗin sun shiga wajensa, magana ta ƙare, ya ba ka kuɗinka. Idan ba su shiga ba, kada ka tilasta masa ya biya ka daga aljihunsa. Ina jaddada wannan saboda zalunci ne da ake yi da sunan neman haƙƙi: ka karɓi tsabar kuɗinsa, da daddare ribas ya dawo maka, ka ci sau biyu, yaron da jarinsa bai kai dubu ɗari biyar ba ya kwana da asara. Kai ma mai POS, kada ka ba da kuɗi a kan alat ɗin wayar kwastoma. Abin da injinka ya nuna shi ne shaida.

Kada ka zauna jiran ribas har wa'adi ya cika. Mafi yawansa cikin mintuna ko awanni yake zuwa. Idan gari ya waye ranar Juma'a babu labari, ka kai ƙorafi ga bankin da ya ba ka katin, ba kamfanin injin ba. Ba sai ka ratsa dajin Falgore daga Riruwai ba: manhajar bankin ko lambar da ke bayan katinka sun isa. Ka nemi lambar ƙorafi, ka ajiye ta. Daga nan bankinka zai shigar da cajibak, a tambayi kamfanin injin, shi kuma ya tambayi mai POS ko kuɗin sun shigo kuma ko ya biya ka. In bai kawo shaida a kan lokaci ba, a cire daga wajensa a mayar maka. Awa 72 daga Alhamis sun cika Lahadi, amma abin da ke buƙatar hannun ma'aikaci yakan kai Litinin ko Talata. Shi ya sa kwana ɗaya da ka yi sakaci kafin ƙarshen mako yakan zama huɗu.

Kada ka shigar da cajibak a kan kuɗin da ka riga ka karɓa. Mai POS zai kawo takarda mai `APPROVED` da littafinsa, ƙararka ta faɗi.

Rifon kuwa, kada ka je banki nemansa, banki ba zai mayar da abin da mai kaya bai sake ba. Idan dilan taki a Kwanar Dangora ya karɓi kuɗinka kaya ba su samu ba, shi za ka bi. In ta tiransifa zai mayar, mintuna ne. In ta kan katin ne, ka nemi takardar da ke nuna ya tura, don “na riga na mayar” ba shaida ba ce. Shagon ƙasar waje yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Sai ya ƙi mayarwa, kuma da kati ka biya, sannan ka koma ga cajibak. Visa da Mastercard suna ba da kwana 120 a galibin irin wannan ƙara, kuma warware ta da ɗan kasuwar waje na iya wuce wata guda.

Kada ka kira tiransifar da ka tura wa lambar da ba ita ba “ta maƙale”. Wadda ta maƙale da gaske, ka ba banki `Session ID` mai lamba 30, kuma dokar CBN ta 2018 ta ɗora tarar naira 10,000 a kan bankin da ya wuce awa 24 bai mayar ba. Wadda ta shiga asusun wani kuwa ta kammalu, babu ribas, babu cajibak. Ka sanar da bankinka a take, amma dawowarta sai da yardar mai asusun ko umarnin kotu.

Kada ka ba kowa lambar sirrinka ko `OTP` don “a saki kuɗinka”. Mayar da kuɗi ba ya buƙatar ko ɗaya.

Idan mako biyu suka wuce da kai ƙorafi banki bai warware ba, ka rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN a cpd@cbn.gov.ng, ko ka kai takarda reshensu na Kano. Ka haɗa lambar ƙorafin, da hoton takardar POS, da bayanin asusun da ke nuna cirewar. Kada ka tsallake bankinka ka fara da su, za su mayar da kai can.