Kason da Ake Cirewa a Cinikin Kati

Ɗan kasuwar Bagudo ko Tsamiya, in ka sayar da shinkafar dubu ashirin da kati aka cire rabin naira a kowace ɗari, naira ɗari ta tafi ke nan. Ba bankin da ya ba ka na'urar POS kaɗai ke cinye ta ba. Bankin mai saye, wanda ya fitar da katin, yana da kasonsa domin shi ya tabbatar akwai kuɗin ya sake su. Kamfanin katin, Verve ko Visa ko Mastercard, yana ɗaukar ɗan ladan hanyar da saƙon ya bi. Bankinka ya riƙe ragowar, ya biya masu kula da na'ura.

Katin bankin Benin kuwa na ƙasar waje ne, kuɗinsa daban, yawanci ya fi yawa. Tambayi bankinka adadinsa kafin ka karɓa.